Tamowa mai kumburi da tamowa mai rama: tambayoyin da iyaye ke yi a Tawa da amsoshinsu

Waɗannan tambayoyi ne da uwaye, kakanni da wasu lokuta iyaye maza ke yi mana a wajen awon yara, musamman daga ƙarshen bazara zuwa tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa kuma masassara da zawo suka kunno kai. Maganar ta shafi yaro daga wata shida zuwa shekara biyar, amma ta fi ƙarfi a kan ɗan shekara ɗaya zuwa uku, wanda aka yaye ko ake shirin yayewa. Awon madara da na magani da aka ambata a nan don a fahimci abin da ake yi wa yaro a likita ne, ba don a haɗa shi a gida ba.

Tamowa ba iri ɗaya ba ce?

Mai tsanani fuska biyu gare ta. Akwai mai rama, wadda likitoci ke kira marasmus. Akwai mai kumburi, wadda suke kira kwashiyoko, wadda likita Cicely Williams ta fara bayyana ta a rubuce a 1933 bayan ta ga yaran da aka yaye a kan kunun masara a ƙasar da ake kira Gana yanzu. Akwai kuma yaron da ya haɗa su biyun: sama ya bushe, ƙafafu sun kumbura. Wannan na uku shi ne ya fi tayar mana da hankali.

Mai rama ba ya ɓuya. Kitse da tsoka sun tafi, haƙarƙari a fili, dantse ya zama siriri, fatar ɗuwawu ta saki tana lilo, fuska ta tsufa, idanu sun yi girma a cikinta. Sau da yawa idonsa biyu, yana kuka, yana miƙa hannu ga abinci. A ƙasarmu shi ne ya fi yawa nesa ba kusa ba.

Mai kumburi kuwa yana yaudarar ido. Ruwa ya taru a ƙarƙashin fatarsa, ya fara daga bayan ƙafa, ya hau ƙwauri, ya kai hannu, daga baya fuska. Kumatu sun cika, har wani baƙo ya ce yaron nan ya yi ƙiba. Gashi ya koma ja-ja ko fari-fari, ya yi laushi, yana tsigewa ba tare da yaron ya ji zafi ba. Fata tana yin baƙi wuri-wuri, sannan ta saɓule ta bar jan nama, musamman a matsematsi, ɗuwawu da bayan gwiwa. Hanta ta cika da kitse ta girma. Abin da ya fi duka nuna shi shi ne halinsa: ba ya wasa, ba ya son a taɓa shi, yana ƙananan koke-koke marasa ƙarfi, kuma in an kawo abinci sai ya kau da kai.

Ta yaya zan gane kumburin tamowa da hannuna?

Ki zaunar da yaro a cinya, ki kama ƙafafunsa biyu, ki ɗora babban yatsanki a bayan kowace ƙafa, wajen da igiyar takalmi ke bi. Ki danna a hankali amma da ɗan nauyi, ki ƙirga ɗaya, biyu, uku ba da gaggawa ba, sannan ki ɗaga. In rami ya tsaya a inda yatsa ya zauna, a ƙafa biyun duka, wannan kumburin tamowa ne har sai likita ya tabbatar da wani abu daban. Duk yaron da aka samu da haka ana lissafa shi cikin masu tamowa mai tsanani, ko nawa sikeli ya nuna, domin sikeli yana auna ruwan ne tare da yaron.

A katin yaro za ki ga an rubuta alamar tarawa. Guda ɗaya, kumburi a ƙafa kaɗai. Biyu, ya hau ƙwauri da hannuwa. Uku, ya game jiki har fuska.

In ƙafa ɗaya ce ta kumbura, ba tamowa ba ce, a nemi ƙurji, cizon wani abu ko targaɗe. In hannu da ƙafa sun kumbura da zafi, yaro yana ihu in an taɓa, a yi tunanin amosanin jini. In kuwa kumburin daga fatar ido ya fara, ya fi yawa da safe, fitsari yana kumfa, to ƙoda ake zargi, kuma awon fitsari ke raba gardama. Dukkansu na likita ne, amma maganinsu ya sha bamban.

Igiyar nan mai launi uku da ake ɗaura wa yaro a hannu fa?

Tana auna kaurin dantse ne, a tsakiyar hannun hagu tsakanin kafaɗa da gwiwar hannu, hannu a sake. Ƙasa da milimita 115 ja ne, tamowa mai tsanani. Daga 115 zuwa ƙasa da 125 rawaya, tamowa matsakaiciya. Daga 125 zuwa sama kore. Kada a matse igiyar har ta shiga nama, kada kuma a bar ta tana yawo. A Nijar an daɗe ana koya wa uwaye yin wannan awo da kansu a gida, kuma uwa da aka nuna mata sau ɗaya da kyau tana iya gano ɗanta tun kafin ya faɗi.

Sai dai ki riƙe wannan: mai kumburi yana iya nuna rawaya ko ma kore. Don haka awo biyu ne kullum, igiya a hannu, yatsa a ƙafa.

Me ke sa wani ya rame, wani ya kumbura, alhali tukunya ɗaya suke ci?

An daɗe ana cewa mai rama ya rasa abinci gaba ɗaya, mai kumburi kuma ya samu abin cika ciki amma ya rasa mai gina jiki irin su nono, ƙwai, wake da nama. Akwai gaskiya a ciki, domin kumburi ya fi yawa inda yara ke rayuwa a kan masara ko rogo zalla. Amma maganar ba ta tsaya nan ba. A Malawi an bi diddigin tagwaye masu cin abinci ɗaya a gida ɗaya, ɗaya ya kumbura ɗaya bai kumbura ba, aka ga ƙwayoyin da ke zaune a hanjinsu sun bambanta. Abin da muke gani a wajen aiki shi ne kumburi kan biyo bayan wata cuta: ƙyanda, zawo mai daɗewa, ko masassara da ta kwantar da yaro.

Yaye na rana ɗaya yana da hannu sosai. Uwa ta samu ciki, aka ce nononta ya lalace, aka ɗauke yaro aka kai shi wajen kaka a wani gari. A dare ɗaya ya rasa nono, ya rasa uwa, aka bar shi da kunu tsararo da fura mai ruwa. Nonon mai ciki ba ya cutar da yaro. Tana iya ci gaba da shayarwa, ta janye a hankali.

Inna ta ce yunwa ce, a cika masa ciki kawai. Me ya sa a likita ake ba shi madara ƴar kaɗan?

Inna ta yi gaskiya cewa abinci ne maganin, kuma tausayi ne ya sa ta faɗi haka. Amma jikin da ya daɗe cikin yunwa ba jikin da ta sani ba ne. Don ya rayu, ya rage aikin komai. Zuciya ta ƙanƙance, bugunta ya yi rauni. Ƙoda ba ta iya fitar da gishiri da ruwan da ya yi yawa. Hanji ya yi siriri, ruwan narkar da abinci ya ragu. Hanta ba ta da ajiyar sukari. A cikin ƙwayoyin jiki gishiri ya shiga ya taru, su kuma fotasiyom da maganiziyom, waɗanda zuciya ke bugawa da su, sun zube.

To a kan wannan jiki sai a sauke tuwo da nama, ko madarar gwangwani mai kauri. Jiki ya ga sukari ya shigo da yawa, sai ya saki insulin. Insulin ya kwashe sukarin zuwa cikin ƙwayoyin jiki, ya tafi da ɗan abin da ya rage na fosfet, fotasiyom da maganiziyom a cikin jini. Jini ya wayi gari babu su. Zuciya ta rikice, numfashi ya yi rauni, ruwa ya taru a huhu. Wani yaron kuma hanjin ne ke kasawa, ciki ya kumbura, zawo ya ɓalle. Shi ya sa ake samun yaron da ya jure wata biyu yana ramewa, amma ya rasu kwana biyu ko uku bayan an fara ɗura masa abinci mai kyau. Wutar da ta kusa mutuwa ba a jibga mata gungume, da ƙirare ake tashe ta.

Saboda haka makon farko ba na ƙiba ba ne. Na gyara ne. Madarar da ake fara ba shi, wadda aka rubuta F-75 a jikin gwangwaninta, an yi ta da gangan ba ƙarfi: kalori 75 da furotin ƙasa da giram ɗaya a kowane mililita 100, gishiri kaɗan, ba sinadarin ƙarfe, amma da fotasiyom, maganiziyom da zinki. Tana ba jiki abin da zai riƙe rai ya gyara kansa, ba ta tilasta masa aikin da bai shirya ba. Yaro ba ya ƙara nauyi a kanta, kuma ba a so ya ƙara.

Wane yaro ake kwantarwa, wane ake sallama da ƙunshin gujiya?

Abu biyu ke yanke hukunci: cin abinci da kuma wata cuta a kai. Ana zaunar da uwa a gefe, a wanke hannu, a ba ta ƙunshi ɗaya na abincin tamowa ta miƙa wa yaro a hankali, da kofin ruwa kusa, ba tsawa ba ɗura. In ya ci gwargwadon da ake bukata, idonsa biyu, ba wata cuta mai nauyi, to a gida zai yi jinya, yana zuwa awo duk mako a sashen da ake kira CRENAS a likitar unguwa ko ta ƙauye. Mafi yawan yara nan suke. Tun yunwar 2005, lokacin da aka yi jinyar dubban yara a jihar Maraɗi ta wannan hanya, aka tabbatar cewa ba kowane mai tamowa ke bukatar gado ba.

Wanda ake turawa CRENI, sashen kwanciya na babbar likita, shi ne wanda ya ƙi ci, ko yake amayar da komai, ko jikinsa ya saki ba ya kula kowa, ko ya yi jijjiga, ko numfashinsa na sauri, ko jikinsa ya yi zafi ƙwarai ko ya yi sanyi, ko tafin hannunsa ya yi fari fat, ko fatarsa ta saɓule, ko idonsa ya yi hazo. Haka wanda kumburi ya kai masa fuska, da wanda ya haɗa kumburi da rama. Jariri ƙasa da wata shida ba a ba shi ƙunshin gujiya sam, nasa aikin shi ne a dawo da nonon uwa.

In an ce a tafi CRENI, a tafi ranar. Na san nauyin abin: damina ce, gona na jira, mai gida wataƙila yana cin rani bai dawo ba, ga sauran yara. Amma da yawa daga cikin rasuwar da ake yi tana faruwa ne a kwana biyun farko, kuma yaron da aka kawo da wuri shi ke tsallake su.

A ba mu misali: me ake yi wa yaro daga shigarsa har fitarsa?

Mu ɗauki yarinya ƴar wata 22 daga wani ƙauye a Adar. An yaye ta wata uku da suka wuce, ta yi ƙyanda, zawo ya biyo baya. Nauyinta kilo 7, kumburi ya kai ƙwauri da bayan hannu, dantse 112, ta ƙi taɓa ƙunshin gujiya. Ta haɗa biyun ke nan.

Tun kafin a gama rubuta kati ana ba ta ruwan sukari mililita 50, domin tafiyar da ta sha da layin da ta bi sun isa su sauke sukarin jininta. A auna zafin jiki. In a hammata bai kai 35 ba, a kwantar da ita a ƙirjin uwa fata da fata, a sa mata hula, a lulluɓe su tare. A yi awon masassara. A fara maganin kashe ƙwayoyin cuta ko da jikinta ba zafi, saboda sau da yawa jikin mai tamowa ba shi da ƙarfin yin zazzaɓi. Cuta tana iya cin jininta alhali jikin sanyi ƙalau.

Sai madara. Lissafin shi ne mililita 130 a kowane kilo a yini da kwana. Kilo 7 ya ba da mililita 910, wato kalori wajen 680. In ta galabaita ƙwarai, a raba shi kashi 12, kusan mililita 75 duk awa biyu. In da sauƙi, kashi 8, kusan mililita 115 duk awa uku. Da a ce kumburin ya game jiki har fuska, ana iya rage lissafin, tunda wani ɓangare na nauyin ruwa ne. Da kofi ake ba ta, tana zaune a cinyar uwa, ba a kwance ba, ba a toshe hanci ba. Abin da ta rage ana aunawa a rubuta. In ba ta iya shan wajen kashi uku cikin huɗu, sai a sa siririyar roba ta hanci zuwa ciki. Uwaye da yawa na tsoron robar nan, suna ɗaukar ta alamar ƙarshe. Ba haka ba ne, hanya ce ta ƴan kwanaki kafin ƙarfin haɗiya ya dawo.

Madarar dare ita ce ake yawan sakaci da ita. Uwa ta gaji, yarinya na barci, sai a ce a bar ta ta huta. Amma hantar da ba ta da ajiya ba ta kai yaro daga isha'i zuwa asuba. A tashe ta a ba ta.

A kwana na uku ko na huɗu sai sikeli ya fara sauka: 6.9, 6.7, har 6.5. Nan ne hankalin uwa ke tashi, ta ce an kawo ta a gyara ga shi tana ƙara lalacewa. Wannan saukar ita muke jira. Ruwan ne ke fita, kuma ramar da ke bayyana dama tana nan a ɓoye. In da sikeli hawa ya yi a waɗannan kwanaki, shi ne abin tsoro.

Wajen kwana na biyar ko na shida ta shanye kofi ta nemi ƙari, kumburi ya koma ƙafa kaɗai, ta fara bin mutane da ido, wata rana ta yi murmushi. Yanzu ne ake sauya mata abinci, cikin kwana biyu zuwa uku, zuwa F-100 mai kalori 100 da furotin kusan giram 3 a mililita 100, ko kai tsaye zuwa ƙunshin gujiya. Da farko awon bai wuce na da ba, ƙarfin abincin ne ya ƙaru. In komai ya tafi daidai, a sallame ta zuwa CRENAS mafi kusa da gida. A nauyinta na kilo 6.5 za ta riƙa cin ƙunshi biyu zuwa biyu da rabi a rana, kowane ƙunshi giram 92 ne, kalori 500. In tana ƙara giram 200 zuwa 300 a mako, aiki na tafiya.

Ta yaya ake gane an yi wa yaro sauri?

A kwanakin sauyin abinci ma'aikaci yana ƙirga numfashi da bugun zuciya sau da yawa. In numfashi ya ƙaru da biyar a minti, bugu ya ƙaru da 25, kuma suka tsaya a haka a awo biyu a jere, zuciya ce ke cewa kaya sun yi mata yawa. Sauran alamu uwa ma tana iya gani: kumburi ya dawo ko ya ƙaru, fatar ido ta cika, yaro yana nishi in ya fitar da numfashi, ciki ya yi tauri ya tashi, nauyi ya yi tsalle a dare ɗaya, ko zawo mai ruwa ya ɓalle har yana ramewa. In an ga haka ana komawa F-75 ne, a sake tafiya a hankali. Komawa baya a nan ba faɗuwa ba ce. Wanda ke kwana da yaro shi ke fara ganin waɗannan abubuwa, don haka ki faɗa wa majiya nan take, ko tsakar dare ne.

Yana zawo, idonsa ya faɗa. Me ya sa aka ƙi yi masa ƙarin ruwa?

Wannan tambaya iyaye maza suka fi yi, wani lokaci cikin fushi, domin a wurin mutane da yawa in ba a rataya leda ba, ba a yi magani ba. Alhaji, ka yi haƙuri ka saurara. Idon mai rama dama a faɗe yake, fatarsa dama in an ja ba ta komawa, ko da bai rasa ruwa ba. Shi ya sa ake tambayar uwa: yaushe idon ya canza, zawon ruwa ne, sau nawa? Ruwan leda gishiri ne ke shiga jijiya kai tsaye, zuciyar da ta ƙanƙance kuma ba ta iya tura shi. Yana komawa huhu. Ba a yin sa sai yaro ya kai ga suma ko jikinsa ya saki, hannu sanyi, bugu ba ƙarfi, kuma ko a nan da awo ne, ana tsaye a kansa.

Abin da ake ba shi ta baki shi ne ReSoMal, wanda gishirinsa bai kai na ruwan zawon da aka saba ba, fotasiyom ɗinsa kuma ya fi yawa. Mililita 5 a kowane kilo duk rabin awa har awa biyu, sannan a riƙa karɓa-karɓa da madara, ana auna nauyi ana tafiya. A likita kaɗai ake ba da shi.

Akwai ƙwayar da ke sa fitsari ta sauke kumburi. A saya masa?

A'a. Kumburin zai ragu a ido, amma ƙwayar tana fitar da fotasiyom ɗin da zuciyarsa ke rataye da shi. Tana iya kashe shi. Kumburin tamowa da madara yake sauka.

Haka nan kada a ba shi jiƙon kanwa ko abinci mai gishiri, gishiri ne dama ya yi masa yawa a jiki. Kada a yi masa tsaga a ƙafa don ruwa ya fita, kada a kai shi cire belu. Rauni a jikin mai tamowa ba ya warkewa da wuri, kuma jinin da zai zuba ba shi da madadinsa.

Jininsa ya yi ƙasa, me ya hana a ba shi maganin ƙarin jini?

A makon farko jiki ba ya iya sarrafa sinadarin ƙarfe. Yana yawo a jini ba mai riƙe shi, ƙwayoyin cuta su samu abinci, ƙwayoyin jiki su ƙara lalacewa. Ana jira sai ci ya dawo, nauyi ya fara hawa. Ƙunshin gujiya yana ɗauke da nasa, don haka mai cin sa ba ya bukatar wani siro daga kanti. In jinin ya yi ƙasa har yana barazana ga rai, likita ne ke yanke a ƙara masa jini, kaɗan, a hankali.

Muna nesa da likita, sai gobe za a samu mota. Me za mu yi a daren nan?

In yana shan nono, a ba shi akai-akai. In idonsa biyu yana iya haɗiya, a narka ƙaramin cokali ɗaya na sukari a babban cokali uku da rabi na tafasasshen ruwa da ya huce, a ba shi kurɓi-kurɓi, sannan a riƙa ba shi ɗan abin da ya saba ci, kaɗan-kaɗan duk awa biyu har cikin dare. A ɗumama shi a jikin uwa, a rufe kansa, a cire masa jiƙaƙƙen zane da wuri, kada a yi masa wanka da dare. In ba ya cikin hayyacinsa kada a zuba masa komai a baki, ɗan sukari mai laima a ƙarƙashin harshe ya isa, kuma wannan ba a jiran safiya, a nemi babur ko amalanke. A sanar da wakilin kiwon lafiya na gari, shi ya san inda za a nufa.

An sallame mu da ƙunshi. Yaya ake ba shi a gida?

Nono tukuna in yana sha, sannan ƙunshi, sauran abinci daga baya in da wuri a cikinsa. A wanke hannu, a murza ƙunshin ya yi laushi, a yanke kusurwa, ya riƙa tsotsa kaɗan-kaɗan sau biyar ko shida a yini. A ajiye ruwa mai tsabta kusa, domin abin busasshe ne, yana sa ƙishi. Kada a dama shi a kunu ko a zuba masa ruwa: rashin ruwan ne ke hana ƙwayoyin cuta zama a cikinsa. A cikinsa akwai gujiya, garin madara, mai, sukari da sinadarai da aka auna. Ana yin irinsa a Yamai.

Rabawa ita ce babbar matsala, kuma ba mugunta ke kawo ta ba. Uwa tana ba ɗaya, uku na tsaye suna kallo. Amma an ƙirga ƙunshin ne daidai nauyin mara lafiya. In aka raba, shi bai warke ba, su kuma bai ƙosar da su ba. A ba shi nasa lokacin da sauran ke cin tuwo ko sun fita wasa. Wanda ake gani a tire a kasuwa kuwa, rabon wani yaro ne aka sayar, kuma saya wa mai kumburi shi ba tare da an duba shi ba tsallake makon gyaran nan ne gaba ɗaya.

A shanye amoksisilin da aka bayar har ƙarshe. Maganin tsutsar ciki da rigakafin ƙyanda suna da ranarsu a kati.

Yaushe za a ce ya warke, kuma tana dawowa?

Sai dantse ya kai milimita 125 ko nauyi ya dace da tsawo, kuma an yi mako biyu cur ba kumburi. Yawanci ana shan mako shida zuwa takwas. Kuskuren da ake yi shi ne daina zuwa awo da zarar yaro ya fara gudu a tsakar gida, alhali tsoka da garkuwar jikinsa ba su gama dawowa ba. In mako biyu ko uku sun wuce nauyi bai motsa ba, ana bincika ko ana raba ƙunshin, in ba haka ba a nemi tarin fuka, cuta mai karya garkuwar jiki ko ciwon fitsari.

Tana dawowa, musamman a watannin farko bayan sallama. A ci gaba da awon dantse da danna ƙafa a gida duk mako. Kununsa ya zama mai kauri, wanda ba ya zuba daga cokali da sauri, a sa masa garin ƙuli-ƙuli ko na soyayyen wake, ɗan mai, nono in akwai, ƙwai in kaza ta yi, garin zogale a miya. A zuba masa a kwanonsa shi kaɗai, sau huɗu ko biyar a rana, babba na zaune kusa har ya gama. In damina ta zo a karɓi maganin rigakafin masassara da ake rabawa gida-gida, ya kwana a gidan sauro. In kuma aka ga ƙurji a dasashinsa, baki na wari, kunci ya fara kumbura, a kai shi likita ranar, domin ciwon noma da ke cin fuska a kan irin waɗannan yara yake sauka, kuma a kwanakinsa na farko maganin ƙwayoyin cuta yana tsayar da shi.